Faɗuwar gaba ko ciwon zuciya? Abin da ke faruwa a ƙirjinka idan hankali ya tashi

Watan Afrilu ne, lokacin da zafin Kano ke hana mutum barci ko da a tsakar gida ya shimfiɗa tabarma. Ina kwance a ɗakina a Unguwa Uku, babu wuta, saura kwana 11 in tsaya gaban malamai in kare binciken digirina na biyu. Sai na ji zuciyata ta yi shiru kamar an ɗauke ta, can kuma ta buga da ƙarfi, dam! Na tashi zaune. Bayan ɗan lokaci ta sake yi. Kafin in ankara gabana na dukan uku-uku, tafin hannuna ya jiƙe da gumi, yatsuna sun fara yin kamar ana tsira musu allura. Abin da ya zo min a rai shi ne shikenan, asuba ba za ta same ni ba.

Asuba ta same ni. Da gari ya waye na je wani kemis, aka auna jinina aka ce lafiya lau, mai shagon ya ce, "Malam, olsa ce," ya miƙo min magani. Ba olsa ba ce. Kuma kamar yadda aka tabbatar daga baya, ba ciwon zuciya ba ne.

Idan irin wannan ya taɓa samunka, ko ya samu wani naka, wannan rubutun naka ne. Ni ba likita ba ne, ɗalibin kimiyyar aikin jiki ne, don haka ba magani zan rubuta maka ba. Abin da nake so ka fita da shi shi ne bambanci guda ɗaya. A fargaba, zuciya lafiyayya ce take bin umarnin da aka ba ta, sai dai umarnin ne ya zo ba a lokacinsa ba. A ciwon zuciya kuwa, ita kanta zuciyar ce ta gaza ɗaukar aikin da aka ɗora mata, ko kuma wayoyin wutarta suka rikice. A ƙirji abin kan yi kama da juna sosai, amma kowanne yana da sawunsa.

Birki da totur

Zuciya ba ta jiran ƙwaƙwalwa ta ce mata buga. A saman ɗakinta na dama akwai wani ɗan curin ƙwayoyin halitta, tsawonsa bai wuce santimita 1 zuwa 2 ba, wanda ke tayar da wutar lantarki da kansa, wutar ta bazu, tsokar ta matse. Arthur Keith da Martin Flack ne suka gano shi a Ingila a 1907. Bari mu kira shi makaɗin zuciya, tunda shi ke ba da kiɗan da sauran ke bi.

Da za a bar makaɗin nan shi kaɗai, wajen sau 100 zai riƙa bugawa a minti. To me ya sa naka yake 70 ko 75 yanzu da kake zaune kana karanta wannan? Saboda akwai wata doguwar jijiya da ta sauko daga ƙwaƙwalwa ta bi ta wuya, ana ce mata bagus, wadda kullum ƙafarta ke kan birki. Akwai kuma wasu jijiyoyin da aikinsu totur ne. Ka ɗauka direban adaidaita ne a cunkoson titin Zariya, birki a kusa, totur a kusa, kowane lokaci yana wasa da su biyun.

Yanzu a ce kana tsallaka titi a bakin tashar Unguwa Uku, tirela ta danna maka ham a bayan kunne. Wani sashe na ƙwaƙwalwa mai suna amigdala, wanda gadi ne aikinsa, zai buga ƙararrawa tun kafin ka gane me ya faru. Abu na farko, a saki birki. Wannan kan faru cikin bugu ɗaya ko biyu, shi ne wannan ras ɗin da Bahaushe ya sa wa suna faɗuwar gaba. Na biyu, cikin 'yan daƙiƙu a murɗa totur. Na uku, wasu 'yan gabobi biyu da ke zaune a kan ƙoda su zuba sinadarin adiranalin cikin jini.

Adiranalin abu biyu yake yi wa zuciya, kuma mutane sun fi lura da na farko kawai. Yana ƙara mata sauri, sannan yana ƙara mata ƙarfin matsa. A zaune, kowane bugu na tura jini kusan mililita 70, wato wajen lita 5 a minti. Idan aka ƙara sauri aka ƙara ƙarfi, zuciyar kan riƙa dukan bangon ƙirji har ka ji ta a wuya da cikin kunne. Shi ya sa wani zai rantse zuciyarsa za ta fito, a ƙirga a tarar 95 ne kacal. Ƙarfin yake ji, ba saurin ba.

Duk wannan shiri ne na gudu ko faɗa, kamar yadda Walter Cannon na jami'ar Harvard ya bayyana tun 1915. Matsalar ita ce mai gadin nan bai iya bambance tirela da saƙon mai gidan haya ba. Kuɗin makaranta, bashi, jarrabawa, rigimar cikin gida, duk ƙararrawa ɗaya yake buga musu. Tirela takan wuce, adiranalin ɗin da ke jini ya ragu cikin 'yan mintoci. Tunanin bashi kuwa ba ya wucewa, sai a yi ta zuba sabo.

Tsallaken da ba tsallake ba

Nan zan ɗan daɗe, don shi ne ya fi tsorata ni, kuma shi ne aka fi yi wa gurguwar fahimta.

Idan ka ji kamar zuciya ta tsallake bugu ɗaya, a mafi yawan lokuta ba tsallakewa ta yi ba, riga-malam-masallaci aka yi. Ba makaɗin nan kaɗai ne ya iya tayar da wuta ba. Akwai wasu ƙwayoyin a ɗakunan sama da na ƙasa da su ma za su iya, sai dai a kullum makaɗin na riga su, su yi shiru su bi. Adiranalin yana sa waɗannan su zama masu zumuɗi. Rashin barci ma haka. Sai ɗaya daga cikinsu ya yi wuf ya harba wutarsa kafin lokaci.

Bi abin a hankali. Bugun da ya zo da wuri ya tarar da zuciya ba ta gama cika da jini ba, don haka jinin da ya tura kaɗan ne, sau da yawa ko a wuyan hannu ba za a ji shi ba. Bayansa sai a sami ɗan jinkiri kafin kiɗan ya koma kan tsarinsa. Wannan jinkirin shi ne shirun da ka ji, kuma yawanci bai fi daƙiƙa ɗaya da 'yan kai ba, duk da cewa ga mai jin sa kamar shekara ne. A cikin jinkirin jini na ci gaba da kwarara cikin zuciya, ta cika fiye da yadda ta saba. Ita kuma tsokar zuciya tana da wata ɗabi'a irin ta robar danƙo: iya yadda aka ja ta, iya ƙarfin da za ta dawo da shi. To bugun da ya biyo baya sai ya zo da ƙarfi. Shi ne dam ɗin.

Wato abin da ka ji a matsayin tsayawar zuciya, a zahiri bugu ne ƙarami da ya yi gaggawa, sai hutu, sai bugu babba. Babu inda ta tsaya.

Kuma kusan kowa yana yin sa. Idan aka ɗaura wa mutane masu lafiya na'urar da ke naɗar bugun zuciya na awa 24, a wajen mafi yawansu za a ga irin wannan bugu na gaggawa, ko da 'yan ƙalilan ne, alhali ba su ma san an yi ba. Bambancin mai fargaba da sauran jama'a kashi biyu ne: adiranalin ya ƙara masa yawansu, sannan kunnensa na kan ƙirjinsa. Da rana hayaniyar gari ta rufe komai. Da dare, an ɗauke wuta, ka kwanta ta ɓarin hagu inda zuciya ta fi matsowa kusa da haƙarƙari, sai ka ji kowane motsi nata.

Daga nan ne abin ke zama zobe. Ka ji dam, ka ce na mutu. Wannan tunanin kansa ƙararrawa ce ga mai gadi, sai a ƙaro adiranalin, bugun ya ƙaru, ka ce ai ga shi nan na faɗa. Numfashi ya koma sama-sama da sauri, kana fitar da iskar kabon fiye da kima. Raguwarta a jini ita ke kawo jiri, da tsirar allura a yatsu da gefen baki, da jin ƙirji ya ɗaure. Masanin halayyar ɗan Adam David Clark ya tsara bayanin wannan zoben a 1986, kuma har yau a kansa aka gina maganin firgici ta hanyar zama da ƙwararre. Irin wannan tashin yakan kai ƙololuwa cikin kamar minti 10, sannan ya fara sauka, cikin rabin awa yawanci ya lafa, ya bar mutum a gajiye liƙis.

Wani abin sha'awa, saƙon ba daga sama zuwa ƙasa kaɗai yake tafiya ba. A 2023 masu bincike a ɗakin gwajin Karl Deisseroth na jami'ar Stanford sun sauya ƙwayoyin zuciyar ɓeraye yadda haske zai iya sa su bugawa, suka sa musu 'yar riga mai fitila, suka ɗaga bugun daga wajen 660 a minti zuwa 900. Kada adadin ya ba ka tsoro, zuciyar ɓera dama haka take gudu. Ɓerayen sun ƙara nuna ɗari-ɗari, amma a wuraren da dama akwai alamar haɗari. Ɓera ba mutum ba ne, na yarda. Amma ya nuna cewa gudun zuciya kaɗai na iya rura wutar tsoro idan ƙwaƙwalwa ta riga ta sami abin zargi.

Abin da aka gani a takardata

Bayan kwana 4 ina fama, sai na tafi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda daga unguwarmu tafiyar 'yan mintoci ce a kan titin Zariya ta wajen Gyaɗi-Gyaɗi. Likitar ta fi daɗewa a kan tambayoyi fiye da awo. Yaushe yake zuwa, kana zaune ko kana aiki? Farat ɗaya yake farawa ko a hankali? Ka taɓa suma? A danginku akwai wanda ya yanke jiki ya faɗi ya rasu yana matashi? Me kake sha don ka hana kanka barci? A nan na sunkuyar da kai, don kofi uku nake sha a wajen mai shayi, in ɗora da lemon ƙara kuzari, barcina bai fi awa 4 ba.

Aka yi min awon lantarkin zuciya, wanda a takarda za ka ga an rubuta ECG. Lafiya lau. Amma ka sani, wannan awon daƙiƙa 10 kawai yake ɗauka daga rayuwar zuciyarka, idan abin bai zo a cikin daƙiƙun nan ba, ba za a gan shi ba. Aka duba yawan jinina da sinadarin maƙoƙo, saboda ƙarancin jini da yawan aikin maƙoƙo duk suna sa zuciya gudu har a zaci fargaba ce. Zazzaɓi ma haka, kowane digiri ɗaya na zafin jiki kan ƙara wajen bugu 10 a minti. Haka ƙishirwa mai tsanani, da faɗuwar sukari, da maganin asma na shaƙa, da wasu magungunan mura.

Sannan aka ɗaura min na'urar Holter, 'yar akwati da wayoyi a ƙirji, na kwana da ita, aka ce duk lokacin da na ji abin in rubuta ƙarfe nawa ne. Sakamakon ya nuna zuciyata ta buga sau 103,000 da 'yan kai a awa 24. A ciki, 412 ne na gaggawa, wato ko rabin kashi 1 cikin 100 ba su kai ba. Likitoci sukan fara damuwa ne idan irin na ɗakunan ƙasa suka haura kamar kashi 10 cikin 100, domin a nan ne kan iya gajiyar da tsokar a hankali.

Abin da ya fi ba ni kunya kuma ya fi warkar da ni shi ne takardar da na rubuta da hannuna. Sau 9 na rubuta cewa na ji abin. A 5 daga ciki akwai bugun gaggawa da gaske. A sauran 4 babu komai, kiɗan na tafiya daidai, ni ne dai nake saurare. Sauran 400 da ɗoriya kuwa sun wuce ban ji ko ɗaya ba. Likitar ta ce, "Malam, zuciyarka ba ta da laifi. Je ka yi barci."

Game da kofi da goro, kada in yi maka ƙarin gishiri. Bincike bai nuna cewa shan su daidai kima yana rikita zuciyar kowa ba, abin ya danganta da mutum. Ni dai da na rage su na koma barcin awa 7, cikin mako biyu abin ya zama sai jefi-jefi.

Inda sawun ya bambanta

Da labarin ya tsaya a nan da na cuce ka, domin a gidan da ke kallon namu an yi akasin haka.

Matar maƙwabcina ta haihu, haihuwa ta 4. Wajen mako 6 bayan suna ta fara kukan faɗuwar gaba da bugun zuciya. Kowa ya ce tunani ne, ga jego ga hidimar yara ga halin rayuwa. Wata ta ce iska ce, a nemo hayaƙi. Ni ma da mijin ya ba ni labari, saura kaɗan in ce irin nawa ne. Sai ya ƙara da cewa, "Ko shara ta yi sai ta zauna tana haki. Da dare kuma sai an jera mata filo uku, in ta kwanta flat sai tari." Na tambaye shi ƙafarta fa? Ya ce takalmanta sun daina shiga. Na ce, "Yaya, wannan ba na jira ba ne, yau za ku je asibiti."

Dubi bambancin da kyau. Ni nawa yana zuwa ne ina kwance ina tunani, idan na tashi na yi tafiya da sauri sai ya ɓace, don idan makaɗin ya ƙara sauri ba ya barin wa masu zumuɗin nan sarari. Ita nata aiki ne ke tayar da shi, hutu ya sauƙaƙa shi. A ganina wannan ita ce tambaya mafi amfani da za ka yi wa kanka: me ke faruwa idan na hau bene, ko na ɗauki bokitin ruwa? Zuciyar da fargaba ke kora tana da ƙarfin yin aikin. Zuciyar da ta raunana kuwa saurin da take yi na neman cike giɓi ne, tunda kowane bugu jini kaɗan yake turawa, dole ta yawaita su. Jinin da ta kasa turawa ya taru a baya, ruwa ya tsattsafo cikin huhu ya kawo haki da tarin kwance, ya taru a ƙafa ya kawo kumburi. Fargaba ba ta kumbura ƙafa.

Hoton zuciya na eko, wanda ake yi da irin na'urar da ake duba cikin mai juna biyu, ya nuna zuciyarta ta buɗe ta saki. Lafiyayyar zuciya kan tura fiye da rabin jinin da ke babban ɗakinta a kowane bugu, kamar kashi 55 zuwa 70 cikin 100. Tata kashi 30 take turawa. Ciwon zuciyar masu jego ne, wanda ke zuwa daga ƙarshen ciki zuwa watannin farko bayan haihuwa.

Wannan ciwon namu ne ƙwarai. Tun shekarun 1970 likitoci Davidson da Parry suka ba da rahoton yawansa a Zariya, kusan mace 1 a haihuwa 100, adadin da ke cikin mafi yawa a duniya. A lokacin an fi zargin kunun kanwa da wankan jego da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta. Binciken baya-bayan nan da Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero da asibitin Malam ya jagoranta ya sake tabbatar da yawan ciwon a Kano, amma bai samu cewa waɗannan al'adun ne tushensa ba. Ya fi nuni ga talauci da rama da hawan jinin masu ciki, da kuma ƙarancin sinadarin seleniyom a jiki. Duk da haka, wadda zuciyarta ta riga ta raunana, gishiri da kanwa ƙara mata ruwa a jiki suke yi. Saboda haka ni a wajena, mai ciki ko mai jego da ta ce gabanta na faɗuwa tana haki, ba a ce mata tunani ne sai an duba zuciyar.

Haka dattijo mai hawan jini ko ciwon sukari. Hawan jinin da aka yi sakaci da shi ne kan gaba wajen gajiyar da zuciya a ƙasashenmu. Idan irin wannan mutum ya ji nauyi a tsakiyar ƙirji kamar an ɗora masa buhu, yana tafiya zuwa hannu ko muƙamuƙi, da gumi mai sanyi, ya wuce minti 15 bai saki ba, asibiti za a nufa a lokacin, ko da kuwa yanzu aka gama ɓata masa rai. Ɓacin rai mai tsanani na iya zama abin da ya tunzura ciwon da dama yana kwance. Mata da masu sukari kuma wani lokaci ba sa jin nauyin sosai, sai haki da tashin zuciya da kasala. Suma ma haka take: wanda bugun zuciya ya kai shi ƙasa, musamman yana cikin gudu ko ƙwallo, ko wanda a danginsu aka taɓa mutuwar farat ɗaya a ƙuruciya, ba ya cikin waɗanda za a ce su je su yi barci.

Tarkon da har likitoci ke faɗawa

Akwai wani rukuni da ke tsakiya, kuma su aka fi zalunta. Tsokar zuciyarsu lafiya lau, eko lafiya lau, ECG lafiya lau idan abin bai tashi ba. Amma a wayoyin wutar akwai wata 'yar ɓarauniyar hanya, wani lokaci wutar ta shiga ta riƙa zagaye a wuri ɗaya. Nan take bugun ya tashi daga 75 zuwa 180 ko 200. A takardar asibiti SVT ake rubutawa. Duk wanda zuciyarsa ta yi haka dole ya firgita, sai ya isa asibiti abin ya riga ya tsaya, a ga mutum a tsorace da awo mai kyau, a ce fargaba ce.

Wani bincike da Lessmeier da abokan aikinsa suka wallafa a Amurka a 1997 ya bi mutum 107 masu wannan matsalar. Kashi biyu cikin uku alamominsu sun cika sharuɗɗan ciwon firgici. Fiye da rabi ba a gano ainihin abin a zuwan farko ba, aka ɗauki shekara 3 da wani abu kafin a gane, kuma mata aka fi cewa tsoro ne kawai ke damunsu. Abin takaicin shi ne matsala ce da ake iya magancewa.

Yaya za ka bambance? Ta yadda yake farawa da yadda yake ƙarewa. Gudun fargaba kamar mota ce ke ɗaukar wuta, yana hawa a hankali, ya sauka a hankali, kuma a zaune ba kasafai yake wuce 130 ko 140 ba. Wancan kuwa kamar makunnin fitila ne, ƙyas ya kama, ƙyas ya mutu, yana iya zuwa kana cikin raha ko ka sunkuya ɗaukar buta. Sannan ka lura da wanda ya riga wani: tsoron ne ya fara zuwa, ko bugun?

Sai kuma wanda kiɗan nasa ya watse gaba ɗaya, babu tsari ko kaɗan, ba daidai-daidai da ɗan tsallake a tsakani ba. Wannan yakan nuna ɗakunan sama sun daina matsawa sai karkarwa. An fi ganinsa a manya da masu hawan jini, da waɗanda ciwon maƙogwaro na yarinta ya lalata musu ƙofofin zuciya. Haɗarinsa jini na iya daskarewa a ciki ya tafi ƙwaƙwalwa ya jawo shanyewar ɓarin jiki, don haka shi ma na asibiti ne.

Duk waɗannan ana iya kama bakin zarensu da yatsu biyu da agogon waya. Idan abin ya tashi, ka ɗora manuniya da na tsakiya a wuyan hannu ta gefen babban yatsa, ka ƙirga na daƙiƙa 30, ka ninka biyu. Ka rubuta adadin, da lokacin, da abin da kake yi, da minti nawa ya ɗauka, da ko kiɗan na da tsari. In za ka iya, ka ƙwanƙwasa wa likita kiɗan a kan tebur yadda ka ji shi. In kuma akwai wurin awon ECG kusa da kai, awon da aka yi abin na kan yi ya fi goma da aka yi bayan ya wuce. Sai dai in an riga an duba ka an ce lafiya, kada ka mai da ƙirgen sana'a. Mai taɓa wuyan hannu sau 30 a rana zoben nan yake ƙara ɗaurewa.

Idan an tabbatar fargaba ce, birkin nan na bagus kana da hanyar taka shi. Duk lokacin da ka fitar da numfashi zuciya kan ɗan rage sauri. Ka ja iska ta hanci kana ƙirga 4, ka sake ta a hankali kana ƙirga 6, ka yi ta yi na minti 3 zuwa 5. Wannan yana kuma mayar da iskar kabon ɗin da ka zubar, jiri da tsirar allura su tafi. Idan firgicin na dawowa har ya hana ka shiga kasuwa ko hawa mota, ko ka kwana kana jiran sa, to shi ma ciwo ne mai magani, akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin Malam, akwai kuma asibitin Dawanau, kuma zuwa can ba ya nufin hauka.

Abin da zan roƙe ka shi ne kada ka sayi maganin rage bugun zuciya a kemis da kanka. Furofuranolol, wanda aka fi miƙa wa mutane, yana toshe wurin da adiranalin ke kamawa, kuma yana aiki. Amma yana iya shaƙe mai asma, ga wanda kuma ruwa ya riga ya taru masa a huhu yana iya ƙara dagula lamarin. Da shi aka ba matar maƙwabcina a makon da take jera filo uku, saurin da zuciyarta ke yi don ta cike giɓi ne za a taka wa birki. Ita yanzu wata 8 ke nan tana shan magungunan da aka rubuta mata, awon eko na baya ya nuna kashi 45, an kuma ce kada ta sake ɗaukar ciki sai ta zauna da likitan zuciya tukuna.